Kundin Bashinka: Yadda Ake Rubuta Shi da Abin da Jinkirin Biya Ke Jawowa

Duk wanda ya taɓa karɓar rance a banki a Najeriya, ko a ƙaramin banki, ko a ɗaya daga cikin manhajojin ba da bashi masu rajista, akwai yiwuwar yana da kundi da sunansa a wani wurin da bai taɓa taka ƙafa ba. A wannan kundi ake rubuta nawa ya karɓa, yaushe ya kamata ya biya, da kuma yaushe ya biya. Idan ya je neman wani rancen, kafin jami'in banki ya saurari bayaninsa sai ya fara karanta wannan kundi. Kundin kuwa ba ya ɗaukar uzuri. Babu gurbin da za a rubuta cewa an yi rashin lafiya a gida, ko kasuwa ta tsaya, ko albashi ya makara. Kwanaki yake ƙirgawa. Wanda ya gane yadda ƙirgar take tafiya zai san inda ya dace ya sa ɗan kuɗin da ke hannunsa ranar da abubuwa suka cakuɗe.

Su wa ke riƙe da kundin

Kamfanoni uku ne Babban Bankin Najeriya ya ba lasisin tattara bayanan bashi: CRC Credit Bureau, da FirstCentral Credit Bureau, da CreditRegistry. Su ba sa ba da rance, ba kuma su ne ke yanke hukuncin a ba mutum ko a hana shi ba. Aikinsu karɓar bayanai daga masu ba da bashi, su haɗa su wuri guda, su sayar da rahoto ga wanda doka ta yarda ya gani. Dokar da ta tsara aikinsu ita ce dokar bayar da rahoton bashi ta shekarar 2017. Ban da su, Babban Bankin yana da nasa rumbun da ake kira CRMS, inda bankuna ke shigar da basussukan da suka bayar.

Abin da ya ɗaure bayanan wuri guda shi ne BVN, lambar nan mai alƙaluma 11 da aka fara bayarwa a 2014. Kafin zuwanta, mutum na iya cin bashi a wannan banki da suna Muhammad, ya buɗe asusu a wancan da suna Mamman, a rasa gane cewa mutum ɗaya ne. Yanzu kowane asusu da kowane rance suna rataye da lamba ɗaya, wadda ke haɗe da zanen yatsa. Sauya banki ko layin waya ko garin zama ba ya raba mutum da kundinsa.

Ƙa'idar Babban Bankin ta ce kafin banki ya ba da rance sai ya nemi rahoto daga aƙalla biyu cikin kamfanonin uku. Wannan ya haɗa da bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ. Wanda ya karɓi mota ko kayan shago ta hanyar murabaha, biyansa na wata-wata yana shiga kundi kamar na kowa.

Yadda kundin ke cika

Abin ya yi kama da littafin bashi na mai shagon unguwa, sai dai wannan littafin duk masu shagunan ƙasar na iya buɗe shi. Kowane wata mai ba da rance yana aika bayanin duk waɗanda yake bi: ranar da aka buɗe rancen, adadin da aka bayar, abin da ya rage, abin da ya kamata a biya a watan, abin da ya wuce lokacinsa, da yawan kwanakin da ya yi da wucewa. Ana kuma rubuta wanda ya tsaya wa mai rancen, da cakin da aka mayar don babu kuɗi a asusu, da duk lokacin da wani banki ya nemi a ba shi rahoton mutumin.

Daga nan za a ga abu biyu. Na farko, kundin ba ya sanin abin da ba a aiko masa ba. Ɗan kasuwar da ya shekara ashirin yana ɗaukar atamfa bashi a Kantin Kwari yana biya ba tare da saɓa alkawari ba, ko matar da ba ta taɓa fashin zubin adashi ba, duk wannan amanar ba ta cikin kundi. A idon banki, mutum ne da ba a san halinsa ba. Shi ya sa sau da yawa wanda bai taɓa cin bashin banki ba yake mamakin an ba shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, alhali maƙwabcinsa mai rance uku da ya biya an ba shi ninkin haka.

Na biyu, tarihi mai kyau ba ya samuwa da girman kuɗi. Da yawan watannin da aka biya a kan lokaci yake samuwa. Rancen naira 100,000 da aka biya cikin wata goma sha biyu ba tare da lattin kwana ɗaya ba ya bar shaida goma sha biyu a kundi. Saboda haka mai son gina tarihi daga tushe ya fara da ƙaramin rance wanda ya tabbata ko kasuwa ta yi sanyi zai iya biya, ya kuma tambayi mai ba da rancen kai tsaye: kuna aika bayanai ga kamfanonin adana bayanan bashi? Idan ba sa aikawa, biyansa ba zai ƙara masa komai a kundi ba. Ya kuma sa ranar biya ta zo kwana biyu ko uku bayan ranar da kuɗi ke shigo masa, ba kafinta ba.

Daga waɗannan bayanai ne ake fitar da maki. A CRC, alal misali, makin yana kamawa daga 300 zuwa 850, kuma mafi yawan maki shi ne mafi kyau. Abin da ya fi nauyi a lissafin shi ne biya a kan lokaci, sai yawan bashin da ke kan mutum a yanzu, sai daɗewar tarihinsa. Yawan neman rance a wurare da dama cikin ɗan lokaci shi ma yana rage maki, domin alama ce ta wanda ya shiga matsi.

Misali: tela da rancen naira 600,000

Mu ɗauki misalin wani tela da ya karɓi naira 600,000 a ƙaramin banki a watan Janairu don ƙara kekunan ɗinki. Za a biya cikin wata 12, da kuɗin ruwa kashi 3 cikin ɗari na uwar kuɗin a kowane wata. Ke nan duk wata zai biya 50,000 na uwar kuɗi da 18,000 na ruwa, jimla 68,000, ranar 5 ga wata. Ya biya na Fabrairu zuwa Yuni lafiya lau, sau biyar, uwar kuɗin ta koma 350,000. Sai ɗinki ya ja baya, ranar 5 ga Yuli ta zo babu kuɗi.

Ƙa'idar Babban Bankin ga ƙananan bankuna ta kasa jinkiri gida huɗu. Daga kwana 1 zuwa 30, rance ne da ake sa wa ido. Daga 31 zuwa 60, ya zama mai rauni. Daga 61 zuwa 90, ana shakkar dawowarsa. Daga kwana 91, ana lissafa shi a matsayin asara. A kowane mataki dole bankin ya ware wani kaso daga ribarsa ya ajiye saboda wannan rancen: kashi 5, sai 20, sai 50, sai 100 cikin ɗari.

A ce bankin yana rufe lissafinsa a ƙarshen kowane wata ya aika. Ranar 31 ga Yuli telanmu ya yi lattin kwana 26, yana matakin farko. Ranar 31 ga Agusta kwana 57, ana binsa 136,000 na wata biyu, rancen ya zama mai rauni. Ranar 30 ga Satumba kwana 87, ana binsa 204,000. Ranar 4 ga Oktoba ya cika kwana 91, kuma rahoton ƙarshen Oktoba zai nuna rancen a matsayin asara. A ɓangaren bankin, abin da ya ware ya tashi daga 17,500 zuwa 70,000, zuwa 175,000, har ya kai 350,000 ɗin gaba ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa muryar jami'in banki ke sauyawa daga wata zuwa wata. Ba ƙiyayya ba ce. Kowane mataki da aka tsallaka asara ce a littafinsa.

Akwai wata dabara a nan da yawancin masu rance ba su sani ba. Ana ƙirga kwanakin ne daga biyan da ya fi daɗewa ba a kammala ba, kuma a al'ada duk abin da aka kawo kan wannan tsohon biyan yake fara sauka. Idan telan ya kawo 68,000 cif ranar 20 ga Agusta, ya rufe na Yuli, sai ƙirgar ta koma farawa daga 5 ga Agusta. A ƙarshen watan kundin zai nuna kwana 26 maimakon 57, ya zauna a matakin farko. Idan kuwa 40,000 ya kawo, na Yuli bai cika ba, ƙirgar na nan daga 5 ga Yuli, kundin ya nuna 57. Bambancin naira 28,000 ne ya raba matakan biyu. Don haka wanda ya makara, ya tambayi bankin adadin da zai rufe biyan farko gaba ɗaya, har da tarar da ta hau kansa, ya yi ƙoƙarin kawo wannan adadin kafin kwana 30 su cika. Kawo rabi yana rage bashi, amma ba ya tsayar da ƙirga.

A manyan bankunan kasuwanci igiyar ta fi tsawo. Sai bayan kwana 90 rance ke shiga sahun waɗanda ba a biya, daga kwana 180 a fara shakkarsa, bayan 360 ya zama asara. Amma kada wannan ya ruɗi kowa, domin yawan kwanakin latti yana shiga rahoto tun kafin a kai 90, kuma banki na gaba zai gan shi.

Abin da lattin ke ci daga baya

Tarar latti ita ce mafi arha cikin abin da telan zai biya. A ce yarjejeniyarsa ta ce kashi 1 cikin ɗari a wata na abin da ya wuce lokaci. A kan 68,000, naira 680 ce kawai. Mutane da yawa wannan suke dubawa su ce ai ba komai. Babban kuɗin yana gaba.

A ce telan ya farfaɗo, ya biya komai a watan Maris na shekarar da ta biyo baya. Kundinsa zai nuna ba a binsa ko kwabo, rancen a rufe yake. Amma watannin Yuli zuwa Oktoba da abin da ya biyo bayansu suna nan a rubuce da yawan kwanakinsu. Biya yana goge abin da ake bi, ba ya goge tarihin yadda aka biya. Dokar 2017 ta ce a riƙe bayanin aƙalla shekara 6, sannan a mayar da shi ma'ajiya na wasu shekaru 10.

Bayan shekara biyu sai ya je wani banki neman naira miliyan 2 don sayen keken surfani mai kwamfuta. Jami'in zai duba abu uku a lattin da ya gani: zurfinsa, wato kwana nawa ya kai, kusancinsa, wato yaushe ya faru, da maimaituwarsa. Lattin kwana 12 sau ɗaya shekara huɗu da suka wuce ba ya hana rance. Rancen da ya kai matakin asara shekara biyu da suka wuce kuwa wani abu ne daban. Ana iya hana shi gaba ɗaya, ko a ba shi rabin abin da ya nema, ko a ce ya kawo jingina ko ma'aikacin gwamnati ya tsaya masa, ko a ƙara masa ruwa. A ce an ba shi a kan kashi 4 a wata maimakon 3. A kan miliyan 2, bambancin ya kai 20,000 duk wata, 240,000 a shekara. Wannan ya ninka tarar 680 ɗin nan fiye da sau 350.

Idan kuwa bai biya ba sam, ƙofar manyan bankuna a rufe take har sai ya biya. Nan ne mutane ke faɗawa hannun manhajojin da ba sa tambayar komai amma suke ɗora ruwa mai nauyi a kan mako ɗaya ko biyu, ana cin bashin wannan a biya wancan. Wanda ya tsaya masa ma abin ya shafe shi, domin sunansa na jikin rancen, kuma banki na da damar binsa kuɗin. Kafin mutum ya sa hannu ya tsaya wa ɗan'uwa, ya tambayi kansa ko zai iya biyan rancen daga aljihunsa, domin abin da ya yi alkawari ke nan.

Sai kuma tsarin GSI, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Agustan 2020. Mai karɓar rance yana sa hannu a kan izinin cewa idan ya gaza biya, bankin na iya bi ta BVN ya ciro kuɗin daga asusunsa na kowane banki, har da asusun haɗin gwiwa. Uwar kuɗi da ruwan da ya taru ake cirowa ta wannan hanya, ban da tara. Mutane da dama a Arewa sun fara jin sunan tsarin ne ta dalilin rancen korona da Babban Bankin ya fito da shi a 2020 ta hannun ƙaramin bankin NIRSAL. Da yawa sun ɗauke shi tallafi, alhali rance ne mai wa'adi, kuma yana rubuce a kan lambar kowa. Wanda ya karɓa bai biya ba, wannan bashin na iya zama abin da ya tare masa hanya a wani bankin da bai taɓa alaƙanta shi da batun ba.

Idan biya ya fara gagara

Lokacin da ya fi dacewa a je banki shi ne kafin ranar biya ta wuce, ko cikin kwanakin farko bayanta. A lokacin bankin bai yi asarar komai ba, yana da sha'awar sasantawa. Mai rance ya rubuta takarda ya bayyana abin da ya faru, ya nemi a sake tsara biyan, ya faɗi adadin da zai iya. A misalinmu, idan aka shimfiɗa 350,000 ɗin a kan wata 14 maimakon 7, uwar kuɗin wata ta sauko daga 50,000 zuwa 25,000. Jimlar ruwan za ta ƙaru saboda wa'adi ya tsawaita, kuma kundin na iya nuna cewa an sake tsarin rancen, amma wannan ya fi kalmar asara sauƙi nesa ba kusa ba. Duk abin da aka amince a kai ya kasance a rubuce da sa hannun bankin. Alkawarin baki na jami'i ba ya tsayar da ƙirgar kwamfuta.

Wanda ke da rance fiye da ɗaya kuma kuɗin ba zai isa duka ba, ya duba wanne ne ke dab da tsallaka mataki, musamman kwana 30 da kwana 90, ya fara rufe shi. Kashe waya da guje wa kiran banki ba sa rage kwana ko ɗaya.

Idan banki ya yarda ya yafe wani ɓangare a biya sauran, a nemi takardar da ta ce wannan biyan ya rufe bashin baki ɗaya. In ba haka ba, ragowar na iya zama a kundi shekara da shekaru a matsayin abin da ake bi.

Duba kundi da gyara kuskure

Doka ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanonin nan, kuma ana nema ta shafukansu da BVN. Duba rahoton kai ba neman rance ba ne. Ya kyautu a duba duka ukun, domin wani mai ba da rancen yana aika wa ɗaya bai aika wa sauran ba. Mai shirin neman babban rance ya yi wannan wata biyu ko uku kafin ya shigar da takardunsa, saboda gyara na ɗaukar lokaci.

Kurakuran da aka fi gani uku ne. Akwai rancen da aka gama biya amma bankin bai aika sabon bayani ba, yana nan a buɗe. Akwai 'yan kuɗin caji da suka taru a tsohon asusun da aka daina amfani da shi har ya koma bashi, wani lokaci 'yan dubbai kaɗan, amma kwanakin lattinsu sun kai ɗaruruwa. Akwai kuma rancen da mutum bai san da shi ba, wanda wani ya karɓa da bayanansa, galibi bayan an karɓi BVN da lambar sirri da sunan za a sama masa tallafi.

Kamfanin adana bayanai ba ya goge abu don mai shi ya ce ba haka ba ne. Sai ya koma ga bankin da ya aiko bayanin ya tabbatar. Saboda haka ana kai ƙorafi wuri biyu lokaci guda, a rubuce: ga kamfanin da kuma ga bankin, tare da rasit, da bayanan asusu, da takardar shaidar kammala biya. Dokar ta ba da kwana 10 na aiki a warware. Idan ba a yi ba, sai a kai wa Babban Bankin, daga nan kuma kotu. Wannan takardar shaidar kammala biya, a karɓe ta ranar da aka yi biyan ƙarshe, a adana ta, sannan bayan wata biyu a sake duba rahoto a tabbatar rancen ya nuna a rufe.

Gyara na kuskure ne kawai. Lattin da ya faru da gaske babu mai iya cire shi, kuma duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya wanke suna a kundi, damfara yake yi. Abin da ke rage nauyin tsohon latti shi ne sabbin watanni masu tsabta da suka hau kansa. Telan da ya biya tsohon bashinsa zai iya karɓar ƙaramin rance na 150,000, ya biya shi wata goma sha biyu a jere a kan rana. Jami'in da zai buɗe kundinsa bayan haka zai ga matsalar wata shekara guda, ya kuma ga shekara guda cif ta biya a bayanta, kuma abin da ya fi kusa shi ya fi nauyi a hukuncinsa.